Nazarin Lamari: Yadda Ɗan Koyo Ya Zana Kuma Ya Buga Fankar Injin Niƙa a Wani Ƙauyen Ringim

Asalin lamarin

Ƙauyen da abin ya faru yana cikin ƙasar Ringim a Jihar Jigawa, kuma injin niƙa ɗaya ne a cikinsa, na wani dattijo da kowa ke kira Alhaji. Injin irin mai faifan ƙarfe biyu ne, ɗaya a tsaye ɗaya yana juyawa, kuma gero da dawa da masara ake kawo masa tun daga hantsi har zuwa bayan la'asar. Shekaru da dama injin dizal ne ke jan sa, amma da wutar sola mai layi uku ta shigo garin, sai Alhaji ya sayi tsohon moto na lantarki, ɗan gwanjo, ya haɗa shi da injin ta hanyar bel. A jikin farantin moton an rubuta kilowat 3, juyi 1,440 a minti, da amfiya 6.5.

Irin wannan moto a rufe yake ruf, iska ba ta shiga cikinsa, wanda hakan shi ya dace da ɗakin da gari ke tashi. Yadda yake huce zafi kuwa shi ne ta wata fankar roba da ke maƙale a ƙarshen sandarsa ta baya, cikin wani murfin ƙarfe mai raga. Fankar na jawo iska ta ragar, murfin ya karkatar da ita ta bi tsakanin haƙarƙarin da ke jikin moton ta kwashe zafin. Idan babu wannan fanka moton zai ci gaba da juyawa da ƙarfinsa kamar babu abin da ya faru, sai dai zafi yana taruwa a cikin koyil, wato naɗin wayar da ke cikinsa.

Mai gyaran moton wani mai sana'ar naɗa koyil ne a garin Ringim, yana da yaro ɗan koyo mai shekara goma sha tara wanda ya kai shekara biyu a shagon. Yaron ya taɓa yin wani gajeren kwas a wata cibiyar koyon sana'a a Kano, inda ya koyi zana abubuwa a kwamfuta da fitar da su da firintar 3D, wato na'urar da ke narkar da zaren roba tana ɗora shi layi bisa layi har siffa ta tashi. Ba shi da firintar, amma yana da tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta yayansa, kuma cibiyar na barin tsofaffin ɗalibanta su buga abu idan sun biya kuɗin roba.

Makon farko na Afrilu: fanka ta fashe ba a sani ba

Ranar Talata da rana yaron da ke tsaron injin ya ji wata ƙara kamar an taka ƙwarya, sau ɗaya, daga nan komai ya koma daidai. Ya duba bel ya ga lafiya, ya duba gari ya ga yana fita da laushinsa, sai ya ci gaba da aiki. Laraba da Alhamis ma haka aka yi niƙa. Ranar Juma'a da hantsi ne wata yarinya da ta kawo dawa ta ce tana jin ƙauri, Alhaji ya kai hannu jikin moton ya janye da sauri, ya kashe wuta ya aika Ringim.

Tambayar da Alhaji ya fara yi wa mai gyara ita ce me ya sa na'urar kariya ba ta katse wutar ba, tunda an saka ta ne domin irin wannan rana. Amsar ita ce na'urar da ke cikin akwatin kunnawa yawan wutar da moto ke ja take aunawa, ba zafin jikinsa ba. Da mai gyaran ya maƙala mita a waya aka zuba gero, sai ta nuna amfiya 6.1, ƙasa da abin da aka rubuta a faranti. A wurin na'urar kariya, moton yana cikin ƙoshin lafiya. Da aka ɗora wayar awon zafi a tsakiyar jikinsa bayan niƙa na minti 30 kuwa, sai ta nuna digiri 96, alhali cikin koyil ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar da suke aiki da ita, cewa duk ƙarin digiri 10 na dindindin a kan abin da aka ƙera koyil ya ɗauka yana rage kusan rabin rayuwar rufin wayarsa. Ga shi kuma galibin irin waɗannan motoci an ƙayyade ƙarfinsu ne bisa zafin yanayin da bai wuce digiri 40 ba, kuma a watan Afrilu ɗakin kwano a Jigawa yakan wuce hakan da rana.

Da aka cire murfin baya sai ga gutsattsarin farar roba sun zubo tare da dunƙulen gari. Abin da ya rage na fankar shi ne rabin cibiyarta da fikafikai uku. An kuma ga cewa a cikin sukurori huɗu da ke riƙe murfin biyu sun faɗi, murfin ya sunkuyo gefe ɗaya, kuma a cikinsa akwai wani zane mai sheƙi inda fikafikan suka daɗe suna gogar ƙarfe. Tsakanin haƙarƙarin moton kuma gari ya haɗu da giris ya daskare kamar yumɓu.

Daga Asabar zuwa Laraba: dabarun da aka fara gwadawa

Matakin farko shi ne a lallaɓa. Aka kawo fankar ɗaki aka saita ta a kan moton, ana niƙa na minti 15 a huta minti 30. Moton bai ƙone ba, amma aikin yini ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin uku, layin bokitai ya kai bakin titi, wasu gidajen suka koma aika yara ƙauyen da ke gaba, wasu matan kuma suka koma ga turmi. Wani ya ba da shawarar a riƙa lulluɓa wa moton jiƙaƙƙen buhu, mai gyaran ya hana, domin buhun zai toshe haƙarƙarin da zarar ya bushe, kuma ruwa kusa da akwatin wayoyi ganganci ne.

Ranar Litinin mai walda na garin ya yanko fanka daga falankin ƙarfe, ya liƙa mata fikafikai shida a kan guntun bututu. Da ido ta yi kyau. Da aka kunna sai moton ya kama rawa a kan katakonsa, sifanar da aka ajiye a kai ta zame ta faɗi. Dalilin a bayyane yake idan aka yi lissafi: moton na juyi 24 a kowace daƙiƙa, kuma idan gefe ɗaya na fankar ya fi ɗayan nauyi da giram 20 kacal a nisan milimita 80 daga tsakiya, fizgar da hakan ke haifarwa ta kusa nauyin kilo huɗu, tana zagaye sau 24 a daƙiƙa, duk a kan boris ɗin baya. Ɗigon walda ɗaya mai kauri ya isa ya kawo rabin wannan bambanci. An cire ta kafin minti biyar.

Ranar Laraba aka aiki ɗan koyon Kano, ya zaga shagunan kayan lantarki a Sabon Gari da gutsuren tsohuwar fankar a aljihu. Fankokin moto ba su da wuyar samu kuma ba su da tsada, sai dai waɗanda faɗinsu ya dace da murfin raminsu milimita 28 ne, sandar wannan moto kuma wajen 24 take, masu ƙaramin rami kuwa sun yi ƙanƙanta da yawa. Ya sayo mai 28 ɗin, aka naɗa wa sandar yankin gwangwani aka tura ta. Naɗin bai zauna daidai a kowane gefe ba, fankar ta riƙa lilo, ba a yi awa ɗaya ba ta fara taɓa murfi.

A daren nan ne yaron ya ce wa ubangidansa, “Maigida, in ka yarda in gwada zana ta a kwamfuta, in je in bugo ta a inda na yi kwas.” Maigidan ya ce robar da ya gani ana yin abin maƙalla mukulli da ita ba ya jin za ta zauna a bayan moto, amma tunda babu wata hanya a hannu, ya je ya gwada, da sharaɗin ba za a bar injin yana aiki ba kowa a kusa.

Alhamis da Juma'a: awo da zane

Yaron ya yi aiki da kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu da ke nuna kaso na milimita. Sandar ta ba shi 23.95 kusa da boris, 23.8 a can ƙarshe inda ta sha gugar shekaru, kuma gefenta ɗaya a shafe yake, an daidaita shi domin ya hana fanka zamewa. Tsawon da ya fito waje milimita 30 ne. Cikin murfin, bayan an buge shi ya miƙe, faɗinsa 181.

Wahalar ita ce gano girman fankar da babu ita. Ya auna daga bakin ramin zuwa ƙarshen fiffike ɗaya ya sami 70.5, ya ƙara rabin ramin, wato 12, ya zama 82.5, sai ya ninka biyu ya sami faɗin 165. Wannan ya bar tazarar milimita 8 a kowane gefe tsakanin fiffike da murfi, abin da ya yi daidai da hankali. Yawan fikafikan kuma ya gano shi ne daga tazarar da ke tsakanin ƙarshen biyu da ke maƙwabtaka, wadda ta kasance 51. Kewayen da'ira mai faɗin 165 ya kai kimanin 518, idan aka raba da 51 sai a sami goma da ɗan ɗoriya, ɗoriyar kuwa ta zo ne domin kalifa miƙaƙƙen layi take aunawa ba lanƙwasa ba. Fikafikai goma ke nan.

Akwai abu ɗaya da ya so ya canza, maigidan ya hana shi. Ya so ya lanƙwasa fikafikan kamar na fankar ɗaki, a ganinsa za su fi jan iska. Maigidan ya nuna masa cewa na asalin miƙaƙƙu ne daga tsakiya zuwa waje, kuma da gangan aka yi su haka, domin moto mai layi uku yana iya juyawa ta ko'ina gwargwadon yadda aka haɗa wayoyinsa, miƙaƙƙen fiffike kuma yana watsa iska waje ko ta wane gefe ya juya. Ranar da wani ya sauya wayoyi biyu, lanƙwasasshiyar fanka za ta rage aiki ba tare da kowa ya lura ba.

Ya yi zanen a manhajar OpenSCAD, wadda kyauta ce kuma ba ta fi ƙarfin tsohuwar kwamfuta ba, inda ake rubuta siffa da lambobi maimakon jan ta da hannu. Ya yi faifan baya mai kaurin milimita 3, cibiya mai faɗin 40, fikafikai goma masu kaurin 2.5 da tsayin 28, rami mai faɗin 24.0 daidai, da ƙaramar kafa a gefen cibiyar inda sukuri ɗaya zai shiga ya danne shafaffen gefen sandar.

Asabar zuwa Litinin: bugu na farko

A cibiyar, robar da ke kan firintar ita ce PLA, wadda ta fi kowace sauƙin bugawa kuma da ita ake koyar da ɗalibai. Bai tambayi wata ba. Bugun ya ɗauki kusan awa tara, ya kwana a Kano ya dawo ranar Lahadi da fanka mai tsafta wadda duk wanda ya gani sai ya juya ta a hannu.

Ba ta shiga sandar ba. Da ya saka kalifa a ramin sai ya ga 23.7 a maimakon 24.0, a ƙasa ma inda robar ta kwanta a kan farantin firinta ya fi haka matsewa. Wannan hali ne na irin wannan bugu: narkakkiyar roba tana ɗan matsowa ciki idan bakin firinta na zagaya da'ira, tana kuma tsukewa idan ta huce, layin farko kuma yakan baje saboda an danna shi a kan faranti. Yaron ya zauna da zagayayyen fayil da sanfefa ya faɗaɗa ramin har ta shiga, ya ɗaure sukurin. Aka kunna babu bel, ta yi shiru, iska na fita ta haƙarƙari har tana ɗaga gefen rigar Alhaji.

Ranar Litinin aka yi niƙa na awa ɗaya da rabi lafiya, aka tsaya sallar azahar. Da aka dawo aka kunna sai aka ji wani ƙas-ƙas a lokacin tashi, iskar kuma ta ragu. Da aka kashe aka cire murfi, yaron ya sa yatsa ya tura fiffike, fankar ta juya ita kaɗai sandar na tsaye. Cikin ramin ya yi sheƙi kamar an shafa masa mai, ya tashi daga da'ira ya koma kamar ƙwai, zaren da sukurin ya yanka a cikin robar kuma ya saki gaba ɗaya.

Maigidan bai ce komai a kan robar ba, sai ya ce a sake kunna moton ya yi zafi, a kashe, sannan a ɗora wayar awon zafi a ƙarshen sandar a zuba ido. Lambar ba ta sauka ba bayan kashewa, hawa ta riƙa yi, har ta kai digiri 68 bayan kimanin minti shida kafin ta fara komawa. Muddin moto na juyawa ƙarshen sandar yana cikin iska mai sanyi, amma da zarar ya tsaya iskar ta yanke, zafin da ke tare a cikin rota, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin moton, ya biyo ƙarfe ya fito. Robar PLA kuwa tana fara laushi ne a wajen digiri 55 zuwa 60. Ke nan ba a lokacin niƙa fankar ta lalace ba, a lokacin hutun sallah ne ta yi laushi a ƙarƙashin matsin sukuri, fizgar tashi ta ƙarasa ta.

Talata zuwa Asabar: gyaran zane da bugu na biyu

Tunda moton ya sha zafi da jijjiga, maigidan ya ce a kai shi shago a buɗe. Koyil ɗin ya ɗan yi duhu amma awo ya nuna rufin wayar bai huje ba. Boris ɗin baya, mai lamba 6206, ya fara ƙara, aka canza shi. Aka kankare garin da ya daskare a haƙarƙari da burushin waya, aka sake wa murfin sukurori huɗu da wasa, wato zoben ƙarfe mai hana kwancewa. Da rotar ta fito a hannu, yaron ya roƙi a bar shi ya tafi da ita Kano, domin kuskurensa na farko ya faru ne saboda firinta na wani gari sanda na wani gari. Ya naɗe ta da tsumma ya saka a buhu.

Roba ta biyu da ya zaɓa ita ce PETG, wadda ba ta fara laushi sai wajen digiri 80. Mai kula da firintar ya ambaci ABS, wadda ta fi ta jure zafi, amma ita tana son firinta mai rufaffen akwati, in ba haka ba abu mai faɗi kamar wannan faifai yakan ɗago daga gefe ya karkace, karkatacciyar fanka kuma ba ta da amfani. Tasu firintar a buɗe take.

Kafin ya taɓa fankar, ya fara buga ƙananan zobba huɗu da wannan robar a wannan firintar, kowane da raminsa ya ɗara na baya da kashi ɗaya cikin goma na milimita:

```
$fn = 120;
for (i = [0:3])
  translate([i*42, 0, 0])
    difference() {
      cylinder(d = 36, h = 8);
      translate([0, 0, -1])
        cylinder(d = 24.1 + i*0.1, h = 10);
    }
```

Layin farko yana sa manhajar ta yi da'irar da ɓangarori 120, domin idan suka yi kaɗan ramin yakan fito da kusurwoyi ya ƙara matsewa. Zobban ba su kai awa ɗaya ba suka fito. Mai 24.1 ya ƙi shiga, mai 24.2 ya shiga rabi ya cije, mai 24.3 ya shige har gindi da turin babban yatsa ba tare da lilo ba, mai 24.4 kuma yana motsi. Ya ɗauki 24.3, ya kuma ɗan fiƙe bakin ramin ta ƙasa domin bajewar layin farko.

Sauran canje-canjen duk a cibiya suke. Ya daina dogaro da sukuri mai cizon roba. Ya sa ramin ya bi siffar sandar, wato da shafaffen gefe ɗaya, domin siffar ce za ta ɗauki fizgar tashi. Ya ƙara faɗin cibiyar zuwa 50, ya tsaga saman ta gida biyu da tsagi mai faɗin milimita 2, ya huda hanyar ƙusoshi biyu masu lamba M5 a ɓangarori biyu masu fuskantar juna, kowace da notinta da wasa, kan ɗaya na kallon gabas na ɗayar na kallon yamma domin nauyi ya daidaita. Idan aka ɗaure su cibiyar na rungumar sandar ta ko'ina, ƙarfe na jan ƙarfe, roba tana tsakani ana matsa ta kawai.

Ya kuma duba inda bugu ke da rauni. Abin da aka buga layi bisa layi yana da ƙarfi a tsawon layin, amma yakan rabu a tsakanin layi da layi, kamar yadda itace ke tsagewa ta bin jijiya. Da yake fankar a kwance ake buga ta, fizgar juyawa tana bin tsawon layukan ne, wannan ya yi daidai. Wurin haɗarin shi ne gindin fiffike inda ya tashi daga faifai, don haka ya cike wannan kusurwa da lanƙwasa mai milimita 4 a kowane gefe, ya kuma haɗe kowane fiffike da cibiyar. A manhajar Cura, wadda ke shirya zane domin firinta, ya sa kaurin layi 0.2, bango biyar, cikin kashi 40 cikin ɗari, zafin baki digiri 240, na faranti 80. Da bango biyar fikafikan sun fito a cike, babu rami a cikinsu. Bugun ya ci kusan awa goma sha ɗaya, kuma an yi shi da daddare a kan wutar batir ɗin cibiyar domin kada ɗaukewar wuta ta katse shi a tsakiya. Da safe ya tura ta a kan rotar tun kafin ya bar wurin.

Lahadi da makonnin da suka biyo

Aka haɗa moton aka mayar ƙauye. Don gwada daidaiton nauyi, maigidan ya ɗora kofin silba da ruwa a kan moton, ya kunna ba bel ba fanka, suka kalli yadda fuskar ruwan ke rawa, sannan aka saka fankar aka sake. Rawar ruwan kusan ɗaya ce. Aka saka murfi, yaron ya juya sandar da hannu yana sauraro ko wani abu na taɓawa, sannan aka ɗaura bel.

Bayan niƙa na awa biyu ba tsayawa da tsakar rana, jikin moton ya tsaya a digiri 71. Da aka kashe, ƙarshen sandar ya hau zuwa 64 ya fara sauka. Yaron ya ja layi ɗaya da alƙalamin maka daga kan sandar zuwa kan cibiyar, ya ce wa mai injin, “Baba Alhaji, duk ranar Juma'a kafin a kunna a leƙa ta raga. In layin nan ya rabu biyu, fankar ta zame, a kashe a kira mu.” Ya kuma roƙi a riƙa share haƙarƙarin da tsintsiya kowace yamma, kuma idan an gama dogon niƙa a bar moton ya yi minti biyu yana juyawa ba hatsi kafin a kashe, domin iska ta rage zafin da zai biyo sanda.

Bayan mako ɗaya ya koma ya sami notocin biyu sun ɗan saki, kowane ya karɓi kusan kwatan juyi. Wannan ba abin mamaki ba ne, roba a ƙarƙashin matsi da ɗumi tana ɗan janyewa a hankali. Bayan wata ɗaya ya sake dubawa, ba su karɓi komai ba, layin makan yana nan a haɗe. Har aka shiga damina fankar na aiki, babu tsagewa a gindin fikafikai. Daga ranar da aka ji ƙauri zuwa ranar da niƙa ya koma daidai kwana goma sha shida ne, da zuwa Kano sau uku.

Hukunci

A ganina abin da ya ceci wannan moto kashi biyu ne, kuma firinta kashi ɗaya ce kawai. Tsohuwar fankar ta fashe ne saboda murfi ya sunkuyo, kuma moton yana zafi fiye da kima tun kafin ta fashe saboda garin da ya toshe haƙarƙarinsa. Da an saka sabuwar fanka, ko ta kamfani ce, ba a ɗaure murfi ba ba a kankare garin ba, da labarin ya maimaita kansa. Wannan ɓangaren aikin maigidan ne, da burushi da sukurori huɗu.

Bugu na farko ya faɗi ne saboda abubuwa biyu da za a iya sani tun kafin a hau mota: ba a auna zafin wurin da robar za ta zauna ba, musamman bayan kashewa, kuma an ɗauka lambar da aka rubuta a zane ita za ta fito a hannu. Awon minti goma da zobba na awa ɗaya sun isa su hana asarar kwana uku. Na biyun ya yi nasara domin an zaɓi roba bisa lambar da aka auna, an kai sandar gaban firinta, an kuma ɗauke wa robar aikin da ba ta iyawa, wato riƙe zaren sukuri a wuri mai ɗumi.

Akwai kuma gajeriyar hanya da aka tsallake. Fankar da aka sayo a Sabon Gari robarta ta masana'anta ce, nauyinta a daidaice, faɗinta ya dace da murfin, matsalarta kawai rami mai 28 a kan sanda mai 24. Ɗan hannun riga na PETG mai kaurin milimita 2 a kowane gefe, da shafaffen gefe a ciki, zai fito cikin ƙasa da awa ɗaya, kuma ina ganin shi ya kamata a fara gwadawa kafin a zana fanka sukutum. Yaron da kansa ya faɗi haka daga baya, kuma ya bugo guda biyu ya ajiye tare da waccan fankar a shago.

Iyakar abin ma a fili take. Tazarar da ke tsakanin digiri 64 da aka auna da 80 da robar ke fara laushi tana nan ne muddin ana share haƙarƙari kuma ba a matse faifan niƙa fiye da kima ba. Idan gari ya sake daskarewa, ko boris ya fara ci, sandar za ta wuce wannan iyaka. Fankar kuma ta dace da bugu ne domin nauyin da take ɗauka kaɗan ne kuma ba ta taɓa abinci. Da Alhaji ya tambaya ko za a iya buga masa sukurin da ke tura hatsi cikin faifai, wanda shi ma ya fara cinyewa, yaron ya ce a'a, domin hatsi da tsakuwa za su goge robar ta shiga garin mutane, sai aka auna shi aka kai wa mai sassaƙa ƙarfe a Kano.